TABO MAI TSIRO: ABIN DA YA SA YANKA KAƊAI BA YA RABA MUTUM DA SHI

A makarantun 'yan mata da ofisoshi da kasuwanni ba a rasa ganin wadda ta ja ɗankwali ta rufe kunne ɗaya, ba don ado ba, sai don ta ɓoye wani ƙullutu mai tauri da sheƙi da ya fito a inda aka huda mata. Haka nan akan ga namiji da wani tudun nama a tsakiyar ƙirji ko a kan kafaɗa, ko macen da aka yi wa tiyatar haihuwa wadda wurin ɗinkin ya tashi ya yi kauri kamar igiya. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira kiloyid, watau tabon da ya ƙi tsayawa a inda rauni ya tsaya. Ba ciwon daji ba ne, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Amma yana da wani hali da ke yaudarar jama'a, domin idan aka yanke shi aka tsaya a nan, sau da yawa yakan dawo, kuma ya dawo ya fi na da girma.

Sunan ya samo asali ne daga wani likitan fata Bafaranshe mai suna Alibert, wanda ya yi bayanin ciwon a cikin 1806, daga baya kuma ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin ƙafar ƙaguwa, saboda yadda tabon ke miƙa rassa cikin lafiyayyar fatar da ke gefensa. Ana samunsa a cikin kowace al'umma, amma ya fi yawa ƙwarai a tsakanin baƙar fata. Shi ya sa likitocin ƙasar nan suka daɗe suna bincike a kansa. A cikin 1974 Farfesa Oluwasanmi na Ibadan ya yi rubutu a kan yadda ciwon yake a jikin mutanen Afirka, sa'an nan a 1975 Omo-Dare na Legas ya bi diddigin waɗansu iyalai, ya nuna cewa abin yana bin jini.

YADDA TABON YAKE FARAWA

Duk lokacin da rauni ya ratsa fata ya kai ga ɓangarenta na ciki, jiki yakan aika da waɗansu ƙwayoyin halitta su saƙa wani irin zare mai ƙarfi da ake kira kolajin, don su haɗa bakin raunin. A jikin yawancin mutane wannan saƙa takan yi ƙarfi a makonnin farko, daga nan ta lafa, jiki kuma ya shiga rage abin da ya yi yawa har tabon ya kwanta ya yi laushi a cikin shekara guda ko fiye. A jikin mai kiloyid kuwa, masu saƙar ba su jin umarnin tsayawa. Rauni ya warke tuni, amma suna nan suna ta ƙara zare bisa zare, har abin ya cika wurin ya tsallaka iyaka.

Abubuwa uku ne ke rura wannan wuta. Na farko gado, wanda babu yadda za a yi da shi. Na biyu daɗewar rauni bai warke ba, ko don ya yi ruwa ko don ana yawan taɓa shi. Na uku kuwa ja, watau wurin da fata take a miƙe tana motsi kullum. Dalili ke nan da ya sa tsakiyar ƙirji da kafaɗa da saman baya da muƙamuƙi suka fi kowane wuri haɗari, tare da kunne, alhali ba safai ake ganinsa a tafin hannu ko tafin ƙafa ko fatar ido ba. Shekaru ma suna da tasiri. Ciwon ya fi fitowa tsakanin shekara 10 zuwa 30, yana da wuya a jikin jarirai da tsofaffi, kuma mata da yawa sukan lura ya ƙara girma ko ƙaiƙayi a lokacin da suke da juna biyu.

Ba lalle sai babban rauni ba. Hujin kunne, da kurajen fuska da na ƙirji, da ƙarambau, da ƙuna, da tsagar wanzami, da shaushawa, da wurin ƙaho, duk suna iya zama mafari. Wani lokaci ma mai shi ba ya iya tuna abin da ya same shi a wurin.

BA KOWANE TABO MAI KAURI NE KILOYID BA

Akwai wani tabon mai kama da shi wanda ya kamata a bambanta, domin makomarsu ba ɗaya ba ce. Shi wancan yakan tashi da wuri, a cikin wata ɗaya ko biyu bayan rauni, ya yi kauri, amma ba ya wuce layin raunin, kuma yakan kwanta da kansa a hankali cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Kiloyid kuwa yakan jinkirta. Sai bayan wata uku, ko shida, ko shekara guda, lokacin da mutum ya manta da raunin, sa'an nan ya fara. Idan ya fara yakan wuce iyakar raunin, ba ya kuma komawa da kansa.

Saboda haka hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a kwatanta girman tabon da girman raunin asali. Ƙofar hujin kunne ba ta fi tsinin allura ba, to, idan abin da ya fito a wurin ya kai girman gujiya, ba a bukatar dogon bincike. Alamar farko kuwa ba a ido take ba. Ƙaiƙayi ne mai naci, ko suka kamar ana tsira allura, tare da wani ɗan tauri da yatsa ke ji a ƙarƙashin fata kafin a gan shi.

Akwai gargaɗi ɗaya a nan. Wani nau'in ciwon daji na fata yakan yi kama da kiloyid a farkonsa. Don haka ƙullutun da ya fito ba tare da wani rauni ba, ko ya fito a wurin da kiloyid bai saba fitowa ba, ko yake girma da sauri, ko ya fashe yana jini, bai kamata a fara yi masa allura ba sai likita ya gutsuri kaɗan an duba a ɗakin gwaji.

MISALIN KUNNE GUDA

Don a ga yadda al'amarin ke tafiya daga farko zuwa ƙarshe, a ɗauki misalin ɗaliba 'yar shekara 19. An huda mata kunne tun tana jaririya, ba ta kuma taɓa samun matsala ba. Da ta shiga babbar makaranta sai ta ƙara huji na biyu a sama da na farko. Kunnen hagu ya warke lafiya, na dama kuwa ya kumbura ya yi ruwa har kusan wata guda, saboda ɗan kunnen da ta sa na ƙarfe ne mai arha, maɓallinsa na baya kuma ya matse naman. Bayan wata huɗu ta ji wani abu kamar ƙwayar dawa a bayan kunnen, yana ƙaiƙayi. Da shekara ta zagayo ya kai girman gujiya.

A nan ne aka yi kuskuren da aka fi yi. Aka ba ta shawarar a ɗaure gindinsa da zare har ya bushe ya faɗi, ko a kai ta wurin wanzami ya sare shi. Aka sare, kunne ya yi kyau, kowa ya yi murna. Bayan wata shida abin ya dawo, wannan karon gaba da baya, ya kai girman goro. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ciwon da ya haifi na farko bai fi tsinin allura ba, na biyun kuwa faɗin aska ne ya haife shi, a jikin da halinsa bai sake ba. Ko a asibiti aka yi yankan, idan ba a bi shi da wani magani ba, rahotannin likitoci sun nuna cewa tabon yakan dawo ga kashi 45 cikin ɗari na masu shi zuwa sama, a waɗansu rahotannin ma kusan ga kowa. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Da ta isa wurin likitan fata, abu na farko da ya yi shi ne tambaya: yaushe ya fara, me aka taɓa yi masa, akwai mai irinsa a gidansu, tana da juna biyu ko ciwon sukari. Ya auna tsawo da faɗi ya rubuta, don a sami abin kwatantawa a gaba. Sa'an nan ya bayyana mata cewa aikin ba na rana ɗaya ba ne, zai ɗauki shekara guda ko fiye, kuma idan ba za ta iya zuwa a kan lokaci ba gara kada a fara yankan.

Matakin farko allura ce ta wani magani mai suna tirayamsinolon, daga dangin magungunan sitiroyid. Ba a ɗuwawu ko a jijiya ake yinta ba, a cikin naman tabon kansa ake tura ta. Ƙarfin maganin yakan kama daga miligiram 10 zuwa 40 a cikin kowace mililita, gwargwadon kauri da taurin tabon, ana kuma maimaitawa bayan kowane mako huɗu zuwa shida. Allurar tana da zafi, musamman ta farko lokacin da naman yake da tauri, shi ya sa akan haɗa da maganin kashe zafi. Abin da ke fara tafiya shi ne ƙaiƙayi da suka, daga baya tabon ya yi laushi ya fara saɓewa. Da ɗalibar ta zo tun yana kamar ƙwayar dawa, mai yiwuwa allura uku ko huɗu su wadatar. Amma wanda ya kai girman goro allura kaɗai ba ta share shi.

Saboda haka bayan allura uku aka shiga mataki na biyu, watau tiyata. Likitan ya kashe wurin, ya cire tsakiyar tabon mai tauri, ya bar siririyar fatar da ke kansa don ya rufe ramin da ita ba tare da ja ba. Wannan rashin ja shi ne rabin aikin. Aka cire zaren ɗinki bayan kwana goma zuwa mako biyu, aka ci gaba da allura wata wata har na waɗansu watanni.

Mataki na uku a hannun ɗalibar yake. Da raunin ya rufe sarai aka ba ta wani ɗan kunne na musamman mai faifai biyu, wanda ke matse naman kunne gaba da baya. Ana sa shi aƙalla awa 12 kowace rana, na tsawon wata shida zuwa shekara ɗaya ko fiye. Matsin ya kamata ya kama sosai, amma kada ya kai ga ciwo ko gyambo. Idan wurin ya yi zafi ko ya canza launi sai a sassauta. Yawancin waɗanda abin ya dawo musu a nan suke faɗuwa, domin da sun ga kunne ya yi kyau a wata na biyu sai su ajiye matsin su daina zuwa asibiti. Ba a cewa an ci nasara sai an yi shekara ɗaya zuwa biyu ba a ga komai ba. Ita kuwa an gaya mata a fili cewa ba ita ba ƙarin huji har abada, ko a wancan kunnen ko a ɗayan.

ABIN DA KE IYA ƁACI

Allurar tana da nata illolin, waɗansu kuma sun fi fitowa fili a baƙar fata. Idan maganin ya yi yawa, ko ya zuba a lafiyayyar fatar gefe, wurin yakan yi fari ko ya lotsa. Farin yakan koma sannu a hankali cikin watanni, amma wani lokaci ya daɗe. Mata sukan ga al'adarsu ta rikice na ɗan lokaci, mai ciwon sukari kuma sukarinsa yana iya hawa na waɗansu kwanaki. Idan tabon yana da faɗi ana kuma zuba magani da yawa a kai a kai, yakan shiga jiki duka ya kumbura fuska, musamman ga yara. Wannan ya isa dalilin da zai hana mutum miƙa kunnensa ga mai shagon magani don kawai ya iya riƙe sirinji.

Haka nan mayukan sitiroyid da ake sayarwa a kasuwa, irin waɗanda ake shafawa don ƙara hasken fata, ba su ratsa tsohon tabo mai kauri. Abin da suke yi shi ne su sirantar da lafiyayyar fatar da ke kewaye. Masu shafa tafarnuwa ko kanwa ko ruwan batir, da masu yin sakiya, su kuwa sabon rauni suke yi a kan tsoho, kuma sabon rauni shi ne abincin kiloyid.

IDAN ALLURA TA GAZA

Akwai waɗanda tabonsu ba ya jin tirayamsinolon. Ga irin waɗannan likitoci sukan haɗa shi da wani magani mai suna fulororasil, wanda asalinsa na ciwon daji ne, amma a nan kaɗan ake turawa a cikin tabon don ya rage hanzarin masu saƙar. Haɗin biyun yakan fi kowane ɗaya aiki, yana kuma rage farin tabo tun da an rage yawan sitiroyid. Ba a yi wa mai juna biyu ko mai shayarwa.

Akwai kuma daskarar da tabo da ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. Yana aiki a kan ƙananan tabo, amma yana da matsala ga baƙar fata, domin ƙwayoyin da ke ba fata launinta sun fi sauran saurin mutuwa da sanyi. Sakamakon haka wurin yana iya zama fari ya zauna haka. Hasken leza ma ana amfani da shi a matsayin ƙari, amma idan ba a daidaita shi da launin fata ba yakan bar baƙin tabo ko fari.

Ga babban kiloyid da ya sha dawowa, hanyar da ta fi ƙarfi ita ce a yanke sa'an nan a gasa wurin da haske irin na maganin ciwon daji, a fara cikin kwana ɗaya zuwa uku bayan tiyata. Wannan yana rage dawowarsa ƙwarai. Haɗarin hasken ya haifar da ciwon daji daga baya ƙanƙane ne, amma saboda shi ba a yi wa masu ciki, ana kauce masa ga yara, ana kuma yin hattara a kusa da nono da maƙogwaro. Tun da ƙa'idar kwana uku ce, tilas ne a shirya da sashen hasken kafin a shiga ɗakin tiyata. Manyan asibitoci ne ke da irin wannan sashe, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja.

KAFIN A HUDA, KAFIN A YANKA

Mutumin da ya taɓa yin kiloyid, ko mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko wani ɗan'uwansa na jini yake da shi, ya kamata ya haƙura da duk wani huji ko tsaga ko zane na ado. Al'adar huda wa 'ya mace kunne tun tana jaririya ta fi aminci a kan hujin da ake yi bayan balaga. Wani ƙaramin bincike da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna cewa waɗanda aka huda suna da shekara 11 ko fiye sun fi samun kiloyid nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka huda kafin nan. Wannan ne ya sa mace take iya zama lafiya da hujin jarirantaka, na biyu kuma ya zame mata ciwo. Hujin saman kunne, inda guringuntsi yake, ya fi jinkirin warkewa, ya kuma fi yin ruwa. Wadda ta riga ta huda, da zarar ta ji tauri ko ƙaiƙayi mai naci, sai ta cire ɗan kunnen ta nemi likita a makon nan, kada ta jira ta ga abin da zai zama.

Batun tiyata dabam ne. Babu wanda ya kamata ya ƙi tiyatar haihuwa ko ta maƙoƙo ko ta wani ciwon ciki don tsoron tabo, haka kuma ba a hana jariri allurar rigakafin tarin fuka don wani a gidan yana da kiloyid. Abin da ake bukata shi ne mai shi ya gaya wa likita tun kafin ranar aiki, ya kuma nuna masa tsohon tabon. Sanin haka yakan sa likita ya bi layin lanƙwasar fata wajen yanka, ya yi ɗinki mai ƙarfi a ciki don kada fatar sama ta ɗauki ja, ya kuma shirya allura tun da wuri idan da bukata.

Bayan an koma gida, a tsare raunin daga datti da susa, a kuma guji ɗaukar kaya masu nauyi ko aikin da ke miƙa wurin a watannin farko. Raunin da ya wuce mako uku bai rufe ba a koma da shi asibiti. Idan ya rufe sarai, wajen mako biyu bayan aiki, sai a fara liƙa masa faifan silikon, wani abu mai laushi kamar roba da ake samu a manyan shagunan magani, ko a shafa mansa inda faifan ba ya zama. Ana barinsa awa 12 zuwa 24 a rana, na aƙalla wata uku, ga mai gadon ciwon kuma har wata shida. A lokacin zafi gumi yakan taru a ƙarƙashinsa ya kawo kuraje, don haka a riƙa cire shi kullum a wanke shi da sabulu, a bar fatar ta bushe kafin a mayar. Amfanin silikon a kan sabon tabo ne. Ba ya narkar da tsohon ƙullutu, komai tsadarsa.

Maza masu fama da kurajen ƙirji ko na muƙamuƙi su nemi maganin kurajen tun suna ƙanana, su daina matsa su, domin kowane ƙurji ɗaya yana iya barin nasa tabon. Masu yawan samun kurajen aski kuma su rage askin da ke kankare fata.

Har yau babu wani magani guda da ke raba mutum da kiloyid a tashi ɗaya, duk wanda ya yi alkawarin haka kuwa a yi hattara da shi. Abin da ke akwai shi ne haɗin hanyoyi biyu ko uku da ake bi da haƙuri na shekara guda ko fiye, waɗanda ke kashe ƙaiƙayi, su kwantar da tabon, su kuma mayar da kunne kusa da yadda yake. Nasararsu ta fi yawa idan an zo da tabon yana kamar ƙwayar dawa, kafin zare ko aska su taɓa shi.